Buhun gero a duniyar wata: ina za a sa kalmar “nauyi”?

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, masu fassara littattafan lakwal a Nijar suke fama da kalmomin kimiyyar Faransanci. Baƙin kalmomi irin su oksijin ba su cika ba da wahala ba, aro ake yi a wuce. Mai wuyar ita ce wadda kowa yake ganin ya riga ya sani.

Ga jimla daga darasin kimiyya. Faransanci ya ce idan aka kai kaya duniyar wata, “mas” ɗinsa ba ya canzawa, amma “puwa” ɗinsa yana raguwa. Ƙamus zai ba ka “nauyi” a duka biyun. Sai fassara ta fito haka: nauyinsa bai canza ba, amma nauyinsa ya ragu. Yaron da ya karanta wannan zai ɗauka malam ne ya rikice.

Abu biyu ne daban. Buhun gero mai kilo 50, ko a ina aka ajiye shi, geron da ke ciki bai ƙaru ba bai ragu ba, wannan shi ne mas. Puwa kuwa ƙarfin da ƙasa take jan buhun da shi ne, ana auna shi da niyuton. A nan duniya kusan niyuton 490 ne, a wata kuma kusan 80, kashi ɗaya cikin shida ke nan.

To, wa za a ba “nauyi”? A ganina puwa ya fi cancanta, domin abin da ɗan dako yake ji a wuyansa shi ne jan nan. Saura mas. Mai fassara zai so ya ƙirƙiro, amma ya gwada tukuna. Idan ya ce “girma”, buhun auduga ya ƙaryata shi, don ya fi guntun ƙarfe girma alhali ƙarfen na iya rinjayarsa a sikeli. Idan ya ce “yawa”, yaro zai fara ƙidaya. “Adadin abin da jiki ya ƙunsa” daidai ne, sai dai bayani ne, ba ya zaman suna, kuma ba mai maimaita shi sau goma a shafi ɗaya.

A nan aro ya fi. A rubuta “mas”, a bayyana shi sau ɗaya da buhun geron. Yana da wata riba kuma: lissafin da ke kan allo, P = m × g, ba a fassara shi, harafin m kuwa zai tuna wa yaro kalmar.

Kasuwa ce dai ba za ta yarda ba. Mai awo zai ci gaba da cewa nauyin buhu kilo 50 ne, Bafaranshe ma haka yake yi a shagonsa. Don haka bayan darasi a tambayi yara kilo nawa buhun zai zama a wata. Wanda ya ce takwas, kalmomin biyu ba su rabu a kansa ba tukuna.