Famfo Ɗaya, Tankuna Biyu: Yadda Injiniya Ke Gane Abin da Hannunsa Ba Ya Kaiwa

A ce a wata unguwa an haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tankuna biyu iri ɗaya a kan ƙarfe. Famfo ɗaya ne ke turo ruwa, bututunsa ya rabu biyu daidai wa daida, kowane tanki na samun rabi. A ƙasan kowanne akwai kan famfo da jama'a ke ɗiba, su ma girmansu ɗaya. Wata safiya mai kula da rijiyar ya leƙa, ya tarar ruwan tankin gabas ya kai santimita 60, na yamma kuwa 40. Yana so ya juya lamarin, na yamma ya fi na gabas cika, kuma maɓallin famfo kaɗai ke hannunsa. Ko zai kwana yana kunnawa da kashewa ba zai iya ba, domin duk ɗigon da ya ƙara wa wannan ya ƙara wa wancan.

Wannan ita ce matsalar da masana sarrafa na'urori ke kira rashin sarrafuwa. A tankuna biyu hankali kaɗai ya isa a gano ta, amma a jirgin sama ko tashar lantarki, inda abubuwa goma ko ɗari ke motsi tare, ido ba ya kamawa. Sai a shekarar 1960 Rudolf Kalman, injiniya haifaffen birnin Budafes da ya yi aikinsa a Amurka, ya gabatar da gwajin lissafi da ke ba da amsar tun kafin a ƙera komai.

Ga yadda ake yi. Da farko a rubuta halin tankunan da lambobi. Mu ɗauka kowane tanki na zubar da kashi ɗaya cikin goma na tsayin ruwansa a minti ɗaya: idan yana kan santimita 50, zai ragu da 5. Ana jera waɗannan lambobi a jadawali mai suna A, wanda ke faɗin yadda abin ke tafiya idan an ƙyale shi. Jadawali na biyu, B, na faɗin inda famfo ke taɓawa, kuma a nan 1 da 1 ne, tunda kowa na samun daidai. Daga nan a haɗa sabon jadawali mai ginshiƙai biyu, [B, AB]. Ginshiƙin farko shi ne inda famfo ke tura ruwa kai tsaye. Na biyu shi ne inda wannan turi ke karkata bayan halin tankunan ya yi aiki a kansa. Idan abubuwan da ake bi sun kai n, ana ci gaba da ninkawa har zuwa A^(n-1)B a tsaya, saboda ƙa'idar Cayley da Hamilton ta nuna cewa duk abin da zai biyo baya maimaici ne.

A namu lissafin, ginshiƙin farko (1, 1) ne, na biyu kuma (-0.1, -0.1). Duba da kyau, na biyun ai na farkon ne aka ninka da -0.1. Bai kawo sabon labari ba, kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali waɗanda ɗaya ke maimaita abin da ya ji daga bakin ɗayan. Yawan ginshiƙan da ke tsaye da ƙafarsu shi ake kira darajar jadawali. Muna buƙatar 2, mun sami 1. A manhajar MATLAB, ko Octave mai ɗauke da kunshin control, layi uku ne:

```
A = [-0.1 0; 0 -0.1];
B = [1; 1];
rank(ctrb(A,B))   % 1
```

Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta "ba ya sarrafuwa" su rufe littafi. A ganina a nan ne ma aikin ya fara, domin tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wane abu ne ya kuɓuce? Darajar da ta ragu da ɗaya na nufin akwai wani motsi guda da famfo ba ya taɓawa. A tankunanmu, tazarar da ke tsakaninsu ce. Idan ka ɗebe lissafin tankin yamma daga na gabas, abin da famfo ya zuba zai soke kansa, ya bar d' = -0.1d, inda d ita ce tazarar. Babu famfo a cikin wannan layi ko kaɗan. Jimillar ruwan tana hannun mai rijiya, yana iya ɗaga ta ko ya bar ta ta sauka. Tazarar kuwa gaban kanta take ci: santimita 20 ɗin nan za ta koma kusan 7.4 bayan minti goma, ta koma kusan 2.7 bayan minti ashirin, ko an kunna famfo ko ba a kunna ba.

Wannan rashin bai da haɗari sosai, tunda abin da ya fi ƙarfin hannu yana lafawa da kansa. Injiniya na iya zama da irin wannan na'ura lafiya. Amma a rufe kawunan famfon duka biyu, lambar -0.1 ta koma sifili, tazarar za ta zauna daram har abada. Mafi muni shi ne motsin da ke girma. Ka tsayar da sanduna biyu masu tsawo ɗaya a tsaye a kan allo guda, kana matsar da allon hagu da dama don kada su faɗi. Duk matsin da ka yi, dukansu iri ɗaya suke ji. Da zarar ɗaya ta fi ɗaya karkata ko da ƙiris, tazarar za ta yi ta buɗewa har ɗaya ta faɗi, kuma babu gwanintar hannu ko wayon kwamfuta da zai hana. Abin mamaki, idan tsawonsu ya bambanta, lissafi ya nuna ana iya riƙe su duka, saboda gajeruwar ta fi saurin amsa matsi. Saboda haka bayan an ga daraja ta ragu, dole a binciki motsin da ya kuɓuce. Gwajin da ake jingina wa Popov da Belevitch da Hautus shi ke wannan aiki: ana ɗaukar saurin kowane motsi, a kira shi λ, a duba darajar [A − λI, B]. Wanda darajarsa ta gaza, shi ne mai laifin.

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne ganuwa, wato ko ma'aunin da ka saka ya isa ya gaya maka abin da ke ciki. A ce mai rijiyar ya gaji da hawa tsani, ya sa ma'aunin tsayin ruwa a tankin gabas kawai. Jadawalin C, mai faɗin abin da ma'auni ke karantawa, zai zama (1, 0). Yanzu layuka ake jerawa, C a sama, CA a ƙasa. Na farko (1, 0), na biyu (-0.1, 0). Daraja 1 ce, kuma wurin tankin yamma sifili ne a sama da ƙasa. Ko ya bushe ƙaf ko yana ambaliya, allon ma'auni ba zai motsa ba. Idan kuma ya sa sikeli ɗaya mai auna nauyin tankunan biyu tare, C ya zama (1, 1), daraja dai 1: santimita 80 da 20 za su yi kama da 50 da 50, su kuma ci gaba da kama da juna duk tsawon zubar ruwan.

Sai mai gyaran famfo ya zo ya haɗa gindin tankunan da siririn bututu, ruwa na gangarawa daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Mu ce ƙarfin bututun 0.05 ne. Jadawalin ya sauya:

```
A = [-0.15 0.05; 0.05 -0.15];
rank(obsv(A,[1 0]))    % 2
rank(ctrb(A,[1; 1]))   % 1
rank(ctrb(A,[1; 0]))   % 2
```

Layi na biyu ya ce ma'aunin gabas yanzu na ganin tankin yamma, alhali ba a ƙara wani ma'auni ba. Sirrin yana cikin saurin saukar ruwa. An kashe famfo, tankin gabas na kan 50. Idan na yamma ma 50 ne, ruwan gabas zai sauka da santimita 5 a minti. Idan na yamma 80 ne, zai riƙa tallafa masa ta bututu, saukar ta zama 3.5. Idan 20 ne, shi zai riƙa jan ruwa, saukar ta kai 6.5. Ka ga daga kallon tanki ɗaya na ɗan lokaci ana lissafo na biyun. A kan wannan tushe aka gina matatar Kalman, wadda ta yi aiki a kwamfutar kumbon Apollo, tana ƙiyasta wuri da gudu daga 'yan awo kaɗan.

Layi na uku shi ya fi ba ni sha'awa. Bututun ya gyara gani amma bai gyara iko ba. Har yanzu famfo na raba ruwa daidai tsakanin tagwaye, don haka tazarar ba ta jin sa, sai dai yanzu ta fi saurin rufewa. Magani shi ne layi na huɗu: a toshe reshe ɗaya, famfo ya riƙa zuba wa gabas kawai, yamma ta samu ta bututun ƙasa. An karya kamannin, daraja ta cika. Sau da yawa idan daraja ta ragu, ko dai akwai ɓangarori biyu masu hali ɗaya da ake turawa da hannu ɗaya, ko akwai ɓangaren da babu hanyar da ta haɗa shi da sauran, ko kuma mai lissafin ne ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Wannan na ƙarshe a takarda ake gyara shi, sauran biyun sai an ɗauko sifana.

Akwai tarko kuma a cikin amsar "eh". Mu koma tankunan da ba a haɗa ba, a ce kan famfon yamma ya ɗan fi buɗewa, yana zubar da 0.101 maimakon 0.1. Kwamfuta za ta ce daraja 2, komai na sarrafuwa. A takarda gaskiya ne, amma za ka dogara ne da bambancin kashi ɗaya cikin ɗari don raba tankunan, abin da ke buƙatar famfo mai ƙarfin da ba a sayarwa a kasuwa. Shi ya sa gogaggen injiniya ke ƙara umarnin svd, mai auna ƙarfin kowace fuska. A nan zai ba da kusan 1.42 da 0.0007, wato fuska ɗaya ta fi ɗaya sauƙin turawa kusan sau dubu biyu. Irin wannan rata gargaɗi ce cewa ɗan tsatsa a bakin bututu ya isa ya mai da amsar "a'a". Kafin a yarda da ratar ma, a tabbata ba gaurayar ma'auni ce ta jawo ta ba, kamar auna tanki ɗaya da mita, ɗaya da milimita.

Gwajin kuma bai san iyakar ƙarfe ba. Yana ɗauka famfo na iya tsotse ruwa kamar yadda yake zubawa, kuma tanki ba shi da baki. Bayan haka, zubar ruwa ta gaskiya tana bin tushen murabba'in tsayinsa, kamar yadda Torricelli ya nuna tun ƙarni na 17, don haka 0.1 ɗin da muka yi aiki da ita tana daidai ne a kusa da tsayi guda kawai. Idan tankin zai riƙa aiki daga santimita 20 zuwa 90, sai a sake fitar da A a kowane mataki, a maimaita gwajin a kan kowanne.