An Soke Lasisin Rumfarka Ba Sanarwa: Yadda Ake Rubuta Takardar Koke

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi da ya shekara takwas a rumfa ɗaya. Ranar wata Litinin ya yi sammako, sai ya tarar an ɗaura wa ƙofarsa sabon kwado, an rubuta lamba da jan fenti. A ofishin kasuwa aka ce masa an soke lasisinsa tun makon jiya. Ba a ba shi takarda ba, ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Buhu goma sha biyu na gero da dawa suna ciki, ga damina ta kawo kai.

Irin wannan mutum yana da wurin zuwa ban da kotu, wato Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad. Tana da ofis a Abuja da kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi. Aikinta bin diddigin rashin adalcin da ma'aikatun gwamnati, ƙananan hukumomi da kamfanoni ke yi wa mutane. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni a kan ƙananan hukumomi, saboda haka kukan ɗan kasuwar nan yana cikin huruminta.

Amma kada ya yi gaggawar zuwa can. Dokar hukumar ta ce sai mai ƙorafi ya fara bin hanyoyin gyara da ke gabansa. Ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma tukuna, ko hukumar da ke kula da kasuwar, ya kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a mayar masa. Wannan kwafin ne shaidarsa cewa ya nemi gyara an yi shiru. A nan da yawa suke asara. Suna ta zarya wurin sarkin kasuwa da manyan unguwa, ana ce musu a yi haƙuri, ba ko takarda ɗaya a hannu, alhali dokar ta ba da wata goma sha biyu ne kacal daga ranar da abin ya faru. Neman sulhu ba laifi ba ne, sai dai kwanaki ba sa jira. Haka kuma in maganar tana gaban kotu, hukumar ba za ta sa hannu ba.

Ita takardar a aika ta ga Kwamishinan hukumar na jiha. Bayan suna, adireshi da lambar rumfa, sai a jero abin da ya faru kwana bi kwana: shekarar da aka ba shi rumfar, ranar da ya biya kuɗin bana da lambar rasit, ranar da ya tarar da kwado, ofishin da ya je da amsar da aka ba shi. Zuciyar koken kuwa ba ta wuce wannan ba: “Ranka ya daɗe, ba a ba ni sanarwa ba, ba a faɗa mini laifina ba, ba a ba ni dama na kare kaina ba.” A ganina wannan ya fi shafi uku na zagi da zargin cin hanci marar shaida ƙarfi. Ko da ofishin kasuwa na da dalili, a ce bashin haya ko canza sana'a ba izini, dole ya amsa tambayar me ya hana a sanar da mutum kafin a rufe masa hanyar abinci.

Sai ya faɗi abin da yake nema ƙarara: a buɗe rumfar ya kwashe hatsinsa kafin ya lalace, a ba shi dalilin sokewar a rubuce, a mayar masa da lasisi. Ya haɗa da kwafin rasitai da hoton ƙofar, na asali su zauna a gida.

Akwai wani tarko. ’Yan kasuwa da yawa haya suke yi a hannun wanda aka ba rumfar tun farko, sunan wani ne a takarda. Hukumar ba ta binciken koken wanda abin bai shafe shi kai tsaye ba, don haka ya fi kyau mai sunan ya sa hannu tare da shi, ko a haɗa da yarjejeniyar hayar.

In an karɓi koken, hukumar kan rubuta wa ofishin da ake ƙara, kuma doka ta ba shi kwana 30 ya kawo bayani. Sau da yawa akan zaunar da ɓangarorin biyu. Sai dai hukumar shawara take bayarwa, ba ta yanke hukunci irin na alƙali. Tana iya cewa a sake duba sokewar ko a janye ta. In ƙaramar hukuma ta yi kunnen uwar shegu, sai ɗan kasuwar ya ɗauki fayil ɗinsa, da kwafi mai hatimi da wasiƙun hukumar, ya kai wa lauya.