Wasiƙar neman kuɗin aikin da aka jinkirta

Mai zanen talla ya yi wa wani kamfani aikin naira 150,000, aka yi alkawarin biya ranar 1 ga Maris. Yau 15 ga wata, shiru. Kunya ce ke hana irinsa magana, alhali guminsa yake nema. Ga yadda wasiƙarsa za ta kasance:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tunatar da kai takardar kuɗi mai lamba 27, ta naira 150,000, wadda wa'adinta ya cika ranar 1 ga Maris. Na haɗo kwafinta da lambar asusuna. Ina roƙon a biya kafin 22 ga Maris. In akwai matsala, a sanar da ni."

Lamba, adadi da rana su ne ƙarfin wasiƙar. Wanda ya rubuta "a taimaka in an samu hali" ya mayar da hakkinsa alfarma, shi ya sa ake ajiye takardarsa a gefe. Sau da yawa ma takardar ce ta maƙale a ofishin akanta, kwafin zai warware wannan.

Idan 22 ga wata ta wuce, wasiƙa ta biyu ta ce an dakatar da sabon aiki har a biya. Kada ka ambaci tarar jinkiri sai in tana cikin yarjejeniyarku.