Wasiƙa zuwa ga Yaya: kafin ka aiko wa Baba agogon nan

Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma sanyin Ingila. Baba ya ji daɗin labarin agogon zamani da za ka aiko masa, yana ta sa maka albarka. Tunda ka ce Galaxy Watch4 ɗin da kake ɗaurawa za ka ba shi, ga abin da ya kamata a yi.

Irin wannan agogo ba ya cin gashin kansa. Da waya guda yake aiki, daga gare ta yake karɓar lokaci da saƙonni da kira. Saboda haka kada ka wahalar da kanka wajen saita shi a can. Aikinka shi ne ka raba shi da wayarka, mu kuma mu haɗa shi da ta Baba idan ya iso.

Kafin komai, sai an tabbatar agogon da wayar za su shirya. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, shi kuwa Galaxy Watch4 da waɗanda suka biyo bayansa sai da Android. Wayar Baba Tecno ce, ka ga ta wannan gefen an dace. Amma ƙananan wayoyin Tecno da itel da dama suna zuwa da Android Go, wato samfurin da aka rage wa nauyi, kuma agogon ba ya haɗuwa da shi. Na duba ta Baba, cikakkiyar Android ce, don haka ba matsala.

Yanzu ga naka aikin. A kan agogon ka shiga Settings, ka danna General, sannan Reset. Wannan zai goge saƙonninka da bayanan lafiyarka, ya mayar da shi sabo fil. Alamar an yi daidai ita ce, idan ya sake kunnuwa zai nemi a haɗa shi da waya. Masu aiko da Apple Watch su ne suka fi shan wuya a nan: idan mai shi bai cire shi daga iPhone ɗinsa ba, makullin Activation Lock zai riƙe shi, ba wanda zai iya amfani da shi sai an sa kalmar sirrin mai shi na farko.

Kada ka manta da cajarsa. Faifan maganaɗisu ce ta musamman, cajar waya ba ta shiga agogon. Kan caja mai ƙafa uku na Ingila ya dace da soket ɗinmu. Ka yi masa caji kamar rabi, ka kashe shi gaba ɗaya, sannan ka naɗe shi.

Idan ya iso, zan sauke manhajar Galaxy Wearable a wayar Baba, in kunna Bluetooth. Lamba za ta bayyana a agogon da wayar, idan sun yi daidai sai in amince. Asusun Google na Baba za mu sa, kada a sa naka. Akwai abin da zai biyo baya da ya kamata ka sani: wayoyin Tecno suna rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Idan Baba ya ce maka saƙonni sun daina shigowa agogon, agogon bai lalace ba. Sai a shiga saitin batir a ba Galaxy Wearable izinin ci gaba da aiki.

Sai batun lafiya, wanda na san shi ne ya sa ka yi wannan niyya. Agogon zai ƙirga taku, ya auna bugun zuciya, ya lura da barci. Amma awon hawan jini yana bukatar manhajar Samsung Health Monitor, wadda aka yi wa wayoyin Samsung Galaxy. Ko a kansu ma sai an riƙa daidaita agogon da na'urar awo ta damtse duk bayan mako huɗu. Ke nan a wayar Baba wannan ɓangaren ba zai yi aiki ba. Idan da hali, ka haɗo masa da na'urar awon jini ta damtse, ita ce za ta ba shi adadin da likita zai yi aiki da shi.

Ruwan alwala ba zai ɓata shi ba, domin an yi shi ya jure ruwa. Batirinsa ne dai ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ga kuma halin wutarmu. Zan kashe Always On Display don ya ƙara daɗewa, sannan a riƙa yi masa caji tare da waya duk lokacin da aka kawo wuta.

Ka sanar da ni ranar da mai kawowar zai taso. Umma tana gaishe ka.

Ƙaninka.