Ajiyar Masara Daga Kaka Zuwa Damina

Duk shekara in kaka ta yi, fataken Hayin Banki da na kasuwar Kawo sukan nufi wajen Saminaka da Giwa su sayo masara su kimsa a shago, suna jiran watan Yuni ko Yuli, lokacin da rumbunan manoma suka yi ƙasa, farashi ya hau. Dabara ce tsohuwa. Amma da yawa daga masu yinta kuɗin saye da kuɗin sayarwa kaɗai suke dubawa, abin da ke tsakani kuwa ba su sa shi a lissafi.

To, ga misali, kuma kuɗin da za a ambata na kwatance ne. A ce falke ya sayi buhu 100 a watan Nuwamba, kowane naira 40,000. Buhun ajiya mai leda ya ci masa 2,500, mota da 'yan dako 1,500, hayar shago ta wata takwas 1,000. Kowane buhu ya tsaya masa 45,000 ke nan, watau duka naira miliyan 4 da rabi. Ran da ya buɗe shago ba zai auna 100 ba, gama masara tana ƙara bushewa da hunturu, ɓera kuma yana da rabonsa. A ce 96 ya samu. Sai ya sayar da kowane buhu 46,875 kafin uwar kuɗinsa ta komo.

Saura abin da ba a gani da ido. Da kuɗin nan suna hannu yana juya su, yana samun ko da 1,000 a kan buhu kowane wata, da ya tara 800,000 cikin wata takwas. In aka haɗa wannan, jiran bai biya shi ba sai buhu ya haura 55,200. In ya sayar 50,000 zai ga rarar 300,000 ya yi murna, alhali maƙwabcinsa da bai ajiye kome ba ya fi shi da 500,000. Wanda ya yi ajiyar da kuɗin bashi kuwa, nasa lissafin ya fi wannan tsanani, don mai bin bashi ba ya jiran kasuwa ta tashi.

Babbar ɓarna daga danshi take farawa. Masarar da za ta daɗe, ruwan jikinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ciza ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, ɗanya kuwa sai ta lotsa. Ko kuma ya zuba ƙwayoyi cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya toshe, ya girgiza, ya bari ɗan lokaci. In gishirin ya manne jikin kwalba, masarar tana bukatar rana. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amirka suka fito da shi aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwari ta hana su iska, ba da magani ba. Amma ba ya busar da ɗanyen hatsi, kuma huda guda ta ɓera ta isa ta ɓata aikinsa. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, domin a Kaduna ruwa yakan sauka tun Afrilu, ƙasa da gini su ɗauki danshi. In aka cusa hannu aka ji ɗumi, ko aka ga gari a gindin buhu, ko aka ji warin fumfuna, lokacin jira ya ƙare, kome farashin ranar.

Kasuwa ma ba ta yi wa kowa alkawari ba. A 2024 masara ta yi tsadar da ta sa mutane da yawa suka zuba dukiyarsu a ajiya. A watan Yuli na shekarar Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. A 2025 farashi ya sauka maimakon ya hau, waɗansu suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Malamai kuma suna da magana a nan. A mazhabar Imamu Maliku ba a hana ajiya in ba ta cutar da kasuwa, amma saye a ɓoye lokacin da abinci ya yi wa jama'a wuya, wannan shi ne ihtikarin da aka hana, kuma shugaba yana da ikon tilasta a fitar da shi. Game da zakka, Risala ta Ibn Abi Zaid ta raba mai juya haja da mai jiran kasuwa. Na farko yakan kimanta kayansa kowace shekara ya fitar. Na biyu sai ya sayar, in shekara ta kewayo kan uwar kuɗinsa, sa'an nan ya fitar da ɗaya cikin 40 na shekara guda, ko da kayan sun yi shekaru a shago.