Dalilin da ya sa antibayotik ba ya warkar da mura

Mura cuta ce ta hanci da maƙogwaro wadda ƙwayoyin bairos ke haddasawa, kuma ire-irensu sun haura 200. Antibayotik kuwa an yi shi ne domin kashe wata ƙwayar daban, wato bakteriya. Wannan ita ce amsar tambayar da ma'aikatan lafiya na sa-kai suka fi shan ta a lokacin hunturu, sa'ad da iyaye ke neman a ba yaro kafso saboda majina.

Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta. Tana ci, tana hayayyafa, kuma tana da bango mai ƙarfi da ya kewaye jikinta. Magani irin amoksisilin yana hana ta gina wannan bango ne, sai ta fashe ta mutu. Bairos ba shi da bango irin wannan. Yakan kutsa cikin ƙwayoyin jikin mutum da ke shimfiɗe a hanci, ya sa su riƙa buga masa kwafin kansa. Idan amoksisilin ya shiga jini, ba ya samun abin da zai rusa. Garkuwar jiki ce ke gamawa da bairos ɗin, galibi cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari kan kai mako uku.

A nan ruɗani ke shigowa. Mura takan yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, daidai lokacin da ake garzayawa kemis. Bayan kwana kaɗan sauƙi ya samu, sai a yaba wa kafso, alhali ko ba shi murar tafiya za ta yi. Haka kuma majina ta yi kauri ta koma ɗorawa ko koriya ba shaida ba ce ta bakteriya, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke sauya mata launi.

Shan maganin a banza kuma yana da illa. Yana kashe bakteriya masu amfani a hanji har ya kawo gudawa, wasu kuma su yi ƙuraje. Waɗanda suka tsira sukan zama masu bijire wa magani, ta yadda ranar da aka buƙace shi da gaske ba lallai ya yi aiki ba.

Mai mura na buƙatar hutu, yawan shan ruwa, da farasitamol idan akwai ciwon kai ko zafin jiki. Zuma na sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Aikin ɗan sa-kai shi ne gane lokacin da abin ya wuce mura. Sai ya ƙirga numfashin yaro na cikakken minti ɗaya yana natse. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye alama ce ta ciwon huhu. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40 ko fiye. Idan ƙasan ƙirji na lotsawa yayin shaƙar iska, ko kunne na fitar da mugunya, ko yaro ya kasa shan nono, asibiti za a kai shi nan take. Zazzaɓi kuma a ƙasar da sauro ya yi yawa yana buƙatar gwajin maleriya kafin a ce mura ce kawai.