Naira 162 da kwabo 50 da suka hana lissafin wata rufuwa

Duk akawun da ke daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin asusu ta banki ya san wannan yanayi. An cire cak ɗin da ba a karɓa ba tukuna, an sa ajiyar da ba ta shiga ba sai ranar ɗaya ga wata, komai ya zauna daram, sai ga wasu 'yan canji sun ƙi ɓacewa. A nan ne mai shago kan ce, "Malam, rufe kawai, nawa ne ma?" Bai kamata a rufe ba. Ƙaramin giɓi sau da yawa kurakurai biyu ne masu karo da juna, ɗaya ya ƙara, ɗaya ya rage, abin da ake gani ragowarsu ce kawai.

Mu ɗauki misalin shagon kayan masarufi a Kano. A ƙarshen wata, banki ya fi littafi da ₦162.50. Kafin a koma bin layi ɗaya-ɗaya, a tsaya a dubi adadin kansa, musamman kwabban da ke wutsiyarsa. Shago ba ya ciniki da kwabo, saboda haka kwabo 50 ɗin daga banki ya fito. Cajin tiransifa da aka saba gani a Najeriya shi ne ₦10, ₦25 ko ₦50 gwargwadon yawan kuɗin, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Shi ya sa ake ganin ₦10.75, ₦26.88 da ₦53.75. Wasu bankunan kan raba cajin da harajin layi biyu, ido ya kama ₦50 ya tsallake ₦3.75. Da aka bincika, sai aka ga tiransifa biyu da aka yi wa dila an rubuta kuɗin kaya, ba a rubuta cajin ba: ₦53.75 sau biyu, wato ₦107.50.

Ana shigar da su, giɓi ya tashi daga ₦162.50 zuwa ₦270. Sabon akawu kan tsorata a nan ya goge gyaran, yana zaton ya ƙara ɓata lissafi. Alhali hanya ce ta buɗe. Littafi dama yana ƙasa da banki, cajin ya ƙara sauke shi, kuskure na biyu kuma ya fito fili shi kaɗai.

Yanzu sai a raba 270 da tara. Ta ba da 30 cif, babu saura. Duk lokacin da aka juya lambobi biyu masu maƙwabtaka, a rubuta 52 a madadin 25, bambancin dole ya rabu da tara. Amsar ma tana nuna inda za a duba: 30 na nufin lambobin suna gidan gomiya da gidan ɗari, kuma tazararsu uku ce, kamar 1 da 4, ko 2 da 5, ko 6 da 9. Maimakon layi ɗari uku, sai a nemi 'yan kaɗan masu wannan siffa. Can aka tarar da kuɗin da aka biya na sukari: banki ya cire ₦47,250, yaron shago ya rubuta ₦47,520. Aka gyara, lissafi ya rufu. Sai dai dabarar tara manuniya ce kawai, domin adadi na iya rabuwa da tara bisa dace, kuma ba ta aiki muddin akwai wani kuskuren da ya cakuɗu da ita. Dalilin da ya sa ake fara share cajin banki ke nan.

Idan tara ta ƙi, a raba giɓin biyu. Giɓin ₦8,000 na iya zama ₦4,000 da aka rubuta a ɓangaren fita alhali shigowa suka yi. Idan wannan ma bai kama ba, a koma kan ragowar watan jiya, a tabbatar ita ce aka buɗe wannan watan da ita, don akwai masu taɓa tsohon shafi bayan an rufe shi. Daga nan a daidaita zuwa ranar 15 kawai. In ya yi daidai, kuskuren na rabin baya. A sake raba shi biyu. Cikin irin wannan rabi huɗu ko biyar za a isa ranar da abin ya faru.

In kuwa giɓi ya riƙa dawowa kowane wata, kullum ta ɓangaren da ke rage kuɗin shago, to a ba wanda ba shi ke karɓar kuɗi ko rubuta littafi ba ya yi daidaitawar watan gaba, da takardar da aka karɓo kai tsaye daga banki.